Takardar Neman Hayar Zauren Taro Domin Bikin Yaye Ɗaliban Ɗinki

Kwamitin shirya bikin yaye ɗalibai,
Ɓangaren teloli, Kasuwar Barci,
Tudun Wada, Kaduna.
Litinin, 5 ga Oktoba, 2026.

Zuwa ga Manaja,
Sashen hayar zauren taro,
Unguwar Rimi, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin iyayen gidan teloli na Kasuwar Barci domin neman hayar babban zaurenku na ƙasa ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, 2026. Za mu yaye yaran da suka kammala koyon ɗinki a shagunanmu, mu ba su takardar shaida, waɗanda suka fi ƙwazo kuma a raba musu kekunan ɗinki. Ma'ajinmu ya zo ya ga zauren a makon jiya, kun yi magana baki da baki, shi ya sa muka ga ya dace a mayar da ita rubutacciya.

Taron zai fara ƙarfe 10 na safe ya tashi ƙarfe 3:30 na yamma, da hutun sallar Azahar da cin abinci daga 1:30 zuwa 2:15. Mun san Asabar ranar biki ce a garin nan, musamman da damina ta ɗauke, kuma ba mamaki akwai mai son zauren da daddare don dina. Saboda haka mun ɗauki alkawarin kwashe kayanmu kaf kafin ƙarfe 5. Abin da muke roƙo a madadin haka shi ne a buɗe mana ƙofa ranar Juma'a bayan La'asar, na awa biyu kacal, mu shigo da kekuna mu jera. Idan an riga an kama ranar 14, Asabar ta gaba, 21 ga wata, ta yi mana. Ranakun aiki ba za su yiwu ba, domin yawancin iyayen yaran ma'aikata ne ko masu ƙananan sana'o'i.

Mutanen da muke sa rai su 180 ne: ɗalibai 48 (mata 30, maza 18), iyayensu mutum biyu-biyu wato 96, iyayen gidan da suka koyar da su 24, sai manyan baƙi 12. Amma a sa mana kujera 200. Duk wanda ya taɓa shirya taro a Kaduna ya san katin mutum biyu yakan kawo huɗu. Za mu sa yaranmu a bakin ƙofa su duba kati, ba za mu bari a haura adadin da zaurenku ke ɗauka ba. A raba zaman gida biyu, mata a dama, maza a hagu, da hanya mai faɗi a tsakiya, saboda ɗaliban za su fito ɗaya bayan ɗaya sanye da kayan da suka ɗinka da hannunsu. Uku daga cikinsu a keken guragu suke. Ma'ajinmu ya ce matakala uku ce zuwa kan dandamali. In kuna da katakon gangara a sa mana, in babu ku ba mu izini kafintanmu ya haɗa ya kawo.

Daga wajenku muna bukatar lasifika da makirufo uku, biyu marasa waya, ɗaya a kan mumbarin jawabi. Babban tebur mai ɗaukar mutum 12 da shimfiɗarsa. Ƙananan tebura goma a jikin bango don baje kolin ɗinki. Da majigi da farin allonsa, domin za a nuna hotunan aikin yaran na minti 20. Kwamfutar tamu ce, wayar HDMI kawai za a tanadar mana. A tanadi ruwan alwala da butoci, da wurin da mata za su yi sallah daban. Tabarmi mu za mu zo da su.

Maganar wuta ita ce ta fi damunmu, kuma a nan nake so mu fahimci juna sosai. Kekuna 20 da za a raba na ƙafa ne, ba ruwansu da lantarki. Amma za mu zo da manyan kekunan lantarki huɗu, da injin aikin wuya guda ɗaya, da dutsen guga biyu, domin ɗalibai shida za su yanka su ɗinka riga a gaban jama'a daga ƙarfe 11 zuwa 12:30. Wannan shi ne zuciyar taron. Uba yana son ya ga allura na tafiya a hannun ɗansa fiye da jin jawabin kowa. Dutsen guga kuwa yana jan wuta fiye da keken kansa, in aka haɗa biyu a soket ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki sai fis ya tashi. Don haka muna roƙon mai gyaran wutarku ya ware mana layi daban da soket takwas kusa da dandamali, ya kuma kasance a wurin har a tashi. Janareto kuma a tashe shi tun 9:30, kada a jira sai an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗinki. Ku faɗa mana a rubuce ko man dizal na cikin kuɗin haya. In ba ya ciki, lita nawa zai sha a awa shida, mu san na yi tun yanzu.

Abinci daga waje za mu kawo shi a robobi, ba girki a harabarku. In akwai kuɗin da kuke karɓa kan haka, a sa shi cikin lissafi. Motoci ba za su wuce 25 ba, sai a-kori-kura ɗaya da za ta sauke kaya ta ƙofar baya.

Game da biya, an gaya wa ma'ajinmu cewa hayar yini naira 450,000 ce, da naira 50,000 na ajiya saboda ɓarna. Mun amince. Za mu biya kashi 60 cikin 100, wato naira 270,000, cikin kwana uku da samun amincewarku a rubuce. Cikon naira 180,000 da kuɗin ajiyar za su shigo ranar Litinin, 9 ga Nuwamba. Duka ta banki za mu tura, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfaninku. Ba rashin yarda ba ne, kuɗin karo-karo ne na mutum 24, kuma kowannensu zai nemi ganin rasit. A bayyana mana ko harajin kaya da ayyuka na kashi 7.5 cikin 100 yana cikin farashin, domin in ba ya ciki ƙarin naira 33,750 ne, sai mun koma wa 'yan kwamiti. Kuɗin ajiya muna so a dawo mana da shi cikin mako guda, bayan wakilinku da namu sun zaga zauren tare kafin taro da bayansa.

Idan wani uzuri ya sa muka fasa kafin 31 ga Oktoba, muna neman a riƙe naira 50,000 a dawo da sauran. Bayan wannan rana, a ba mu damar ɗaga taron sau ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. In kuwa fasawar daga ɓangarenku ce, a maido mana da duk abin da muka biya.

Muna roƙon amsa kafin Litinin, 12 ga Oktoba, saboda mai buga kati yana jiran mu ba shi rana da wuri. Ma'ajinmu da ya kawo takardar nan yana da ikon sa hannu a yarjejeniya a madadinmu.

Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Naka,
Sakataren kwamiti.