Saƙo zuwa ga Hajiya Maimuna

Rabi, tare da buƙatar haɗuwa a LinkedIn, Litinin da safe:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni Rabi ce daga Aboabo, Kumasi, na yi digirin akanta. Rubutunki kan kuɗin shago da kuɗin cefane ya amfane ni. Ina neman izinin yi miki tambaya ɗaya kan aiki. Na gode.

Rabi, Laraba bayan la'asar:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya. Barka da yamma, ya aiki, ya iyali? Na gode da kika karɓe ni alhali ba ki san ni ba. Na yi miki Hausa ne don na ga da ita kika amsa wa wani ɗan Nima a ƙarƙashin rubutunki. In Turanci ya fi miki sauƙi, sai in koma.

Sunana Rabi. Na gama digirin akanta a jami'ar KNUST bara, yanzu ina hidimar ƙasa a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, saura mini wata biyu. Rubutun da kika yi kan 'yan kasuwar da ke zuba kuɗin shago da na cefane a aljihu ɗaya, na karanta wa mahaifiyata shi. Koko da ƙosai take sayarwa, ni ke riƙe mata littafin bashi tun ina 'yar shekara 12. Dariya ta yi, ta ce wa ya kai miki labarinta.

Ga abin da ya kawo ni. Ƙofa biyu ce ta buɗe mini. Wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine yana so in riƙe masa lissafi, sidi 3,000 a wata, kuma ina kwana a gidanmu. Wani ƙaramin kamfanin binciken kuɗi a Accra kuma ya ce zai ɗauke ni koyon aiki a kan sidi 1,800, masauki a kaina. Burina in zama cikakkiyar akanta mai rajista. Da ke ce a matsayina, wace za ki shiga? Alhajin ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ba aiki nake roƙo ba, Hajiya, shawara ce kawai. Layi biyu ma sun ishe ni. In kuma lokaci bai ba ki dama ba, babu komai, na riga na ƙaru da abin da kike rubutawa. Allah Ya ƙara girma.

Rabi

Hajiya Maimuna, Juma'a da dare:

Wa alaikumus salam, 'yata Rabi. Lafiya lau, alhamdu lillah. Ki yi haƙuri da jinkiri, ƙarshen wata ya matso, aiki ya yi mana rubdugu. Hausar ta yi daidai, a Sabon Zongo aka yanke cibiyata. Ki gaishe mini da Mma, ki ce mata ba ita kaɗai ba ce, har masu shago uku a Makola haka suke yi.

Kin ce layi biyu, amma tambayarki ta fi ƙarfin layi biyu.

Da ni ce, kamfanin binciken zan shiga, in har na sami wurin kwana. Dalilina ɗaya ne: wa zai duba aikinki? A wurin Alhaji ke ce babba ke ce ƙarama. In kin yi kuskure a watan farko, haka za ki yi ta maimaita shi har ranar da jami'an haraji na GRA suka zo suka nuna miki, ranar kuma ba koyarwa suka zo yi ba. A kamfanin bincike akwai wanda zai dawo miki da fayil da jan biro sau uku har ki ji kamar ki yi kuka. Ni na yi kukan, a banɗakin ofis, saboda sidi 40 da suka ƙi daidaita tsakanin littafin wani kamfani da takardar bankinsu. Kwana biyu ina nema, ashe cajin banki ne ba a shigar ba. Daga ranar ban sake buɗe lissafin banki ba tare da na fara duba caji ba. A shekara guda kuma za ki leƙa littattafan wurare iri-iri, makaranta, gidan mai, asibiti, ƙungiyar agaji, ki ga yadda kowa ke ɓoye ɓarnarsa. Alhaji littafi ɗaya gare shi.

Sannan rajistar da kike buri ba jarrabawa kaɗai ba ce. ACCA, ƙungiyar akantoci ta Ingila, tana neman wata 36 na aikin da ya dace, wanda wani ƙwararren akanta zai sa hannu ya shaida. ICAG, ƙungiyar akantoci ta Ghana, ita ma ba ta ba mutum zama mamba sai ya nuna ya yi aiki. Don haka kafin ki amsa wa mutanen Accra, ki tambaye su abu uku, kuma ki nemi amsar a rubuce: wane akanta mai rajista ne zai lura da ke, suna ba da hutun karatu in jarrabawa ta zo, kuma za su biya miki kuɗin fansho na SSNIT? Doka ta ce a cire kashi 5.5 daga albashinki, mai aiki ya ɗora kashi 13. Kamfanin binciken da ke kwana-kwana a kan wannan, bai kamata ya binciki kowa ba, ki bar musu kayansu.

Sai maganar masauki, nan ne gizo ke saƙar. Sidi 1,800 a Accra, in za ki kama ɗaki, ba za ta kai ki ko'ina ba. Dokar haya ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma je ki Madina ko Mamobi ki faɗa wa mai gida haka ki ga kallon da zai yi miki. Shekara ɗaya ko biyu suke nema a dunƙule. In kina da gwaggo ko inna da za ki zauna wurinta, to, bismillah. In babu, kada ki ci bashi don ki zo Accra. Kumasi ma akwai kamfanonin bincike. Ki ɗauki takardunki ki bi ofisoshin Adum ƙafa da ƙafa, ki ce wurin koyo kike nema. Daga Janairu zuwa Afrilu hannu suke nema ido rufe, domin kamfanin da shekararsa ta ƙare a Disamba wata 4 gare shi ya miƙa bayanan haraji. In kin samu a nan, kin huta da kuɗin haya, kuma kokon safe kyauta.

Ba ki tambaye ni ICAG ko ACCA ba, amma na san ita ce tambaya ta gaba, bari in rage miki hanya. In a Ghana za ki yi aiki, ki fara da ICAG. Tun 1963 take, mataki uku ne jarrabawarta, kuma da digirinki za a yafe miki wasu darussa, ki kai sakamakonki su duba. Babban abin shi ne da sidi ake biya. ACCA da fam ɗin Ingila ake biyanta. A 2022, shekarar da sidi ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 a Disamba, na ga yara masu ƙoƙari sun ajiye karatun a tsakiya saboda kuɗin jarrabawa ya fi ƙarfinsu a 'yan watanni. ACCA ba laifi gare ta ba, mai niyyar fita waje tana yi masa rana. Amma da albashin mai koyo, daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ya sa nake nacewa a kan takardar nan: a banki nake a 2018, lokacin da Babban Bankin Ghana ke rufe bankuna. A watan Agusta aka haɗe biyar a rana ɗaya. Namu ma guguwar ba ta bar shi ba. Mu da yawa muka dawo gida, ciki har da waɗanda suka fi ni albashi nesa ba kusa ba. Ni wata uku na yi na sami wani aikin, ba don na fi su iyawa ba, sai don ina da rajista su ba su da ita.

Alhaji kuwa kada ki juya masa baya. Ki je da kanki, ko ki tafi da wani babba na gidanku, ki gode masa, ki faɗa masa gaskiya cewa karatu ne bai ƙare ba. In Kumasi kika zauna, ki ce za ki riƙa zuwa ranar Asabar ki daidaita masa littafi, ki tuna masa harajin albashin yaransa kafin 15 ga wata. Amma ki fara sanar da kamfanin da ya ɗauke ki, wasu ba sa yarda da aikin gefe. Irin su Alhaji su ne za su zama masu kawo miki aiki ranar da kika buɗe ofishinki, kuma a Magazine in mutum ɗaya ya yarda da ke, layinsu gaba ɗaya ya ji.

Kina da wurin zama a Accra? Kuma ya hannunki yake a Excel? Ki gaya mini gaskiya.

Rabi, Asabar da safe:

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya ji ƙan mahaifa. Sau uku na karanta. Mma tana amsawa, ta ce in kin zo Kumasi ƙosanki na nan da zafinsa.

Ina da gwaggo a Ashaiman, amma ɗaki ɗaya suke da yara huɗu, ofishin kuma yana Osu. Ban taɓa kawo Adum a raina ba, wallahi. Ranar Litinin zan aika wa mutanen Accra tambayoyin nan uku, Talata in nemi izini a wurin aiki in zagaya Adum. Kawuna ya ce zai raka ni wurin Alhaji.

Excel kuwa, gaskiya ina iya jera lissafi in haɗa jimla, amma VLOOKUP sai na duba littafi. In kin yarda, zan rubuto miki sau ɗaya in na yanke shawara, don ki san inda maganarki ta kai.

Hajiya Maimuna, Asabar da rana:

Amin, 'yata. Daga Ashaiman zuwa Osu kullum, sai kin fita da asuba, rabin kuɗin kuma a mota zai ƙare. Ki ba Adum ƙarfi tukuna.

Littafin bashin Mma na wata uku, ki zuba shi a Excel, ki fitar mini da jimlar abin da ake bin kowane mutum da PivotTable. Ki sauya sunayen mutane kafin ki turo. Ina jira ranar Juma'a.