Wasiƙar ban haƙuri zuwa ga Dije

Unguwa Uku, Kano
Daren Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Assalamu alaikum, Maman Ilham, Dijena.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a kan madubinki alhali muna kwana gida ɗaya. Tun bayan sallar isha'i nake neman bakin da zan yi miki magana, da na ɗago kai na ga yadda kike ta hidimarki kamar babu abin da ya faru sai kunya ta hana ni. Shi ya sa na jira kuka yi barci na zauna a falo na ɗauki biro.

Shekaranjiya Alhamis kika cika shekara talatin a duniya, ni kuma na manta. Ban yi miki addu'a ba, ban kira ki ba, ko saƙon waya ban turo ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini.

Bari in gaya miki yadda na gane, tunda ke kin ƙi faɗa. Yau da la'asar ina kwance Ilham ta hau cikina ta ce, "Abba, kai ba ka ci kek ɗin Umma ba, mun ajiye maka a firji har ya bushe." Na ce kek ɗin me? Ta kalle ni ta ce na bazde mana, Anti Rabi ce ta kawo. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na buɗe WhatsApp, abin da na daɗe ban yi ba sai in na aiki ne, na tarar da dandalin 'yan gidanmu cike da addu'o'i. Hatta Yaya Sani, wanda kullum yake cewa wannan al'adar ba tamu ba ce, ya rubuta miki Allah ya ƙaro shekaru masu albarka. Kowa ya yi, ban da mijinki.

Kin san yadda makon nan ya kasance, ko in ce kin ga alamarsa a jikina. Kaka ta yi, shanshera tana ta shigowa daga Kura da Haɗeja, wata har daga Kabi, tireloli sun yi layi tun daga bakin sikeli har titi. A cikin wannan hali masu binciken kuɗi suka sauka ba sanarwa, aka ƙirga kayan sito aka ce buhu arba'in ba su a lissafi. Ni ne mai riƙe da makulli, ni ne mai sa hannu. Tun ranar Talata oga ya daina amsa gaisuwata yadda ya saba. Muka kwashe rumbu guda muna sake ƙirge da lebura, ƙaiƙayi ya cika mana ido da maƙogwaro, ga hazon hunturu ya fara. Sai jiya Juma'a bayan masallaci aka gano cewa mota ɗaya aka shigar sau biyu a littafi, babu abin da ya ɓata. Ban gaya miki zancen buhunan ba don kada hankalinki ya tashi, kuma yanzu na ga wannan ma kuskure ne. Da kin sani, da aƙalla kin san inda hankalina ya tafi.

Na faɗi wannan ne don ki san abin da ya faru, ba don in wanke kaina ba. A cikin makon nan ban manta lambar ko mota ɗaya ba. Na tuna in saya wa babur mai, na tuna in tura wa Hajiya kuɗin maganinta. Ashe kan nawa yana aiki, ke ce kawai na ajiye a gefe saboda na san ba za ki yi ƙorafi ba.

Abin da ya fi damuna ma daren Alhamis ɗin ne. Yanzu da nake tunawa komai yana dawo mini dalla-dalla. Na shigo wajen sha ɗaya da rabi, gidan yana ta ƙamshin turaren wuta. Kin sa leshin nan ruwan toka da kika ce sai da dalili za ki sa shi. Kin yi dambun shinkafa da zogale, ga zoɓo mai sanyi da kanumfari, abincin da kika san ina so, a ranar da ya kamata a ce ni na kawo miki wanda kike so. Kika zauna kusa da ni kina zuba mini. Na ci ina latsa waya ina duba takardun sito, na tambaye ki ina cajata, na tashi na kwanta ko wanka ban yi ba. Washegari da safe kina miƙo mini shayi na ga jan lalle a hannunki, har na buɗe baki na ce, "Bikin wa ake yi kuma?" Kika yi murmushi kika ce babu kowa. Dije, da kin zage ni a lokacin da ya fi mini sauƙi a kan wannan murmushin.

Tun da aka ɗaura mana aure a 2016 ba ki taɓa barin tawa ranar ta wuce ba, ni da ko a gidanmu ba a san da ita ba. Bara kina fama da laulayin cikin Hanif, ko ƙanshin girki ba kya so, amma sai da kika sa aka ɗinka mini shadda kika ɓoye a ƙasan akwati. Kuma ni da bakina na ce miki in kin cika talatin za ki ga abin da zan yi. To kin gani, Allah ya shirye ni.

Ba zan cika ki da alkawura ba, ga dai abin da na riga na yi. Na kira oga ɗazu na ce gobe Lahadi ba zan leƙo ba ko tirela nawa ce ta iso, mataimakina zai karɓi makulli. Na yi magana da Hajiya, da safe zan kai mata yara Gwammaja su wuni. Wayata kuma a hannunki za ta kasance, ki kashe ta ki jefa a jaka. In kina so mu fita, mu fita, ki zaɓi inda za mu ci abinci, kada ki duba tsada. In kuma gida kike so mu zauna, ni zan shiga kicin, kin dai san iyakar ƙwarewata taliya da ƙwai ce, sai ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Keken ɗinkin da kike ta magana a kai tun kafin Babbar Sallah, na je na tambayi kuɗinsa tun watan jiya. Ba zan yi miki ƙarya ba, sai albashi ya shigo ƙarshen wata zan iya ɗauko shi. Kada ki ɗauka toshiyar baki ce, da ma na yi niyya. Laifin mantuwa daban, shi haƙuri nake ba ki a kansa.

Abu ɗaya nake roƙo. In ranki ya ɓaci, ki faɗa mini, ko da faɗa ne. Na san an yi miki tarbiyyar haƙuri da kawaici, ina kuma gode wa Allah da su Mama a kan haka, amma mutum irina in ana yi masa shiru sai ya zaci komai lafiya. Ba kuma sai kin huce gobe ba, ki ɗauki lokacinki.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai amfani, ya raya mana Ilham da Hanif ki ga aurensu, ya saka miki da Aljanna a kan ɗawainiyar da kike yi da mu. Barka da cika shekara talatin, ko da yake ta zo a makare.

Kek ɗin na cinye shi ɗazu duk da bushewarsa, ki gaya wa Rabi na gode, zan kuma kira ta da kaina. In kin tashi sallar asuba kin karanta, kada ki ɗora ruwan shayi, ni zan dafa.

Mijinki mai laifi,
Abban Ilham