Sikiram da Tsarin Gangaren Ruwa: Yaushe Ake Gano Kuskure?

Tsarin gangaren ruwa, wanda masu sana'ar ke kira wotafol, yana jera aikin manhaja daki-daki: tattara buƙatu, zana tsari, rubuta manhaja, gwaji, miƙa wa mai ita, sannan kulawa. Ba a shiga wani mataki sai an sa hannu a kan takardar na baya. Ana yawan jingina shi ga Winston Royce saboda maƙalarsa ta 1970, alhali a cikinta shi da kansa ya yi gargaɗin cewa bin matakan sau ɗaya tak yana da haɗari, domin gwaji na zuwa a ƙurarren lokaci. Sikiram kuwa, wato wani tsarin gudanar da aikin manhaja na daban, Ken Schwaber da Jeff Sutherland ne suka gabatar da shi a 1995, sunan kuma daga wasan rugbi aka aro shi.

A ɗauki manhajar lissafin kaya ta wani kantin magani. A gangaren ruwa, an rufe takardar buƙatu tun watan farko. Sai a wata na takwas, wajen gwaji, mai kanti ya lura manhajar na ƙirga magani kwali-kwali, shi kuwa har ƙwaya-ƙwaya yake sayarwa. Gyaran zai taɓa rumbun bayanai da rasit da rahoton riba gaba ɗaya. A Sikiram ana yanka aikin zango-zango, abin da ake kira sifirin, kuma zango ba ya wuce wata ɗaya. Da yawa mako 2 suke yi. Da Sikiram aka bi, da mai kantin ya ga shafin sayarwa tun ƙarshen zangon farko ko na biyu, kafin a ɗora komai a kansa.

Rabon iko ma ya bambanta. A gangaren ruwa manajan aiki ne ke riƙe da jadawali da kasafi, yana raba wa masu nazari da masu rubutu da masu gwaji aiki. Sikiram ya raba wannan nauyi gida uku a tawagar da yawanci ba ta wuce mutum 10 ba. Mai haja, wato furodak ona, mutum ɗaya ne ba kwamiti ba: shi ke jera buƙatu bisa muhimmanci, shi kaɗai ke da ikon soke zango. Magina manhaja su ke yanke iya abin da za su ɗauka da yadda za su yi shi. Sikiram masta yana tsare ƙa'idar aiki da kawar da cikas, ba ya raba aiki. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Sai a sauya wa tsohon manaja suna kawai, ya ci gaba da ba da umarni, ko a naɗa mai hajar da sai ya tambayi oga kafin ya ɗaga buƙata ɗaya sama.

A zangon wata ɗaya, taron tsara zango ba ya wuce awa 8, bitar abin da aka gina tare da masu ruwa da tsaki awa 4, waiwayen tawaga kan yadda ta yi aiki awa 3. Taron kullum minti 15 ne, na magina ne, don su daidaita shirinsu da burin zango. Da zarar ya koma kowa na ba shugaba rahoto, ya tashi daga aikinsa. Waiwaye kuwa shi ake fara yarwa idan aiki ya matso, shi ya sa matsala ɗaya ke dawowa zango bayan zango.

Shaidar ci gaba a gangaren ruwa takardu ne da aka sa wa hannu. A Sikiram abubuwa uku ne: jerin buƙatun haja da ke tafe da burin haja, jerin aikin zango da ke tafe da burin zango, sai ƙarin da aka gina, wanda dole ya cika sharaɗin kammalawa da tawaga ke aiki da shi. Idan sharaɗin bai haɗa da gwaji ba, za a tara abin da aka ce an gama, a ware zangon gwaji a ƙarshe. To, an koma gidan jiya, sunan ne kawai ya sauya.

Duk da haka gangaren ruwa na da gurbinsa. Inda buƙata ta tsayu, ko hukuma ke neman shaidar kowane mataki, kamar manhajar na'urar asibiti, rubuta komai tun farko ya fi aminci. Kwangila mai ƙayyadadden farashi da jerin aiki da ranar miƙawa ma ta fi dacewa da shi, domin Sikiram lokaci yake ɗaurewa ya bar yawan aiki ya motsa. Sikiram yana kuma buƙatar mai kantin ya samu awa ɗaya ko biyu duk mako 2 ya zauna ya gwada abin da aka gina. In ba zai samu ba, bitar zango ba ta da wanda za ta nuna wa.