Godiya da ban kwana ga Hajiya Binta da jama'ar sashen kula da ingancin ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya ranki ya daɗe, da sauran iyayena da yayyena na lab da na filta da na ɗakin kemikal, barkanku da aiki. Juma'ar nan mai zuwa in Allah ya kai mu wata shidana na SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, zai cika, zan koma makaranta in ƙarasa ajin ƙarshe, kuma na san kaina, in na ce sai ranar zan tsaya a gabanku in yi godiya da baki to kuka ne zai riga maganar fitowa, shi ya sa na ce bari in rubuta tun yanzu kowa ya samu ya karanta, har 'yan dutin dare da ba kullum muke haɗuwa ba.

Hajiya da ke zan fara. Lokacin da na kawo takardata a watan Afrilu ƙawayena da suka riga ni fita sun gama gaya min yadda abin yake a wurare da yawa, wai za a nuna miki benci ne ki zauna, a aike ki kwafin takardu, ƙarshen sati a sa miki hannu a logbuk shi kenan. To ni ba haka na tarar a wajenki ba. Tun satin farko kika miƙa min farar riga da safar hannu kika ce in zo in tsaya kusa da ke, kika nuna min yadda ake saita mitar pH da bafa na 4 da 7 da 10 kafin a taɓa kowane samfur, da yadda ake goge 'yar kwalbar da ake sakawa a injin auna gurɓata saboda shatin yatsa kaɗai yana iya ƙara lamba. A makaranta na karanta duk waɗannan na ma rubuta jarrabawa a kansu, amma mu da yawa ne a kan na'ura ɗaya, sau da yawa daga baya kake hangowa. A nan ne hannuna ya saba da su.

Abin da ya fi zauna min a rai cikin duk abin da kika koya min shi ne maganar rubuta sakamako. Kin sha faɗa mana cewa abin da na'ura ta nuna shi za a rubuta a littafi ko da bai yi wa kowa daɗi ba, kar a rage kar a ƙara don lamba ta yi kyau, in kana shakka ka sake gwajin ka rubuta duka biyun. Na ga ranar da sakamakon kulorin na tankin ƙarshe ya fito ƙasa da yadda ya kamata ana dab da tashi, kowa ya gaji ga hadari ya haɗo, kika ajiye jakarki kika sake ɗebo samfur da kanki, kika jefa ƙwayar DPD ta gwajin kulorin kika ɗaga kwalbar sama kina duba yadda ruwan hodar ya yi fari-fari, kika kira Injiniya a waya, kuma ba ki bar wajen ba sai da aka gyara awon aka jira minti 30 ɗin da ake ba kulorin ya yi aikinsa aka sake gwadawa ya hau miligiram 0.5 a kowace lita. A hanya kika ce min wannan ruwan gobe da safe wata uwa za ta dama wa jaririnta koko da shi, ita ba ta da injin gwaji a gida, mu ne idonta. Wallahi Hajiya tun daga ranar ban ƙara kallon littafin nan a matsayin aikin cike layi ba.

Kuma na gode da haƙurinki da tambayoyina, don na san suna da yawa, wani lokacin ma kina tsakiyar haɗa rahoton wata nake zuwa. Ba ki taɓa ce min je ki dawo ba. Ga gyaran logbuk da kike zama ki yi da jan biro layi bayan layi, kina cewa in daina rubuta "na taya aiki a lab", in faɗi wane gwaji na yi, da me na yi shi, me ya fito. Da malamina ya zo duba ni daga makaranta ya daɗe yana buɗe shafukan, ya ce rabon da ya ga logbuk cikakke haka an kwana biyu. Yabon nan naki ne.

Malam Kabiru, malamina na gwajin alam, Allah ya saka da alheri. Ni na zo da zafin bazara lokacin ruwan kogi yana da ɗan haske, na ɗauka haka aikin yake kullum, ashe damina ce take nuna waye ma'aikacin ruwa. Ruwan farko-farko da aka yi masu ƙarfi na ga abin da ake janyowa daga kogi ya koma ja kamar kunun kanwa, lambar gurɓata da muka saba gani ta ninka ta sake ninkawa cikin dare ɗaya, kai kuma ko a jikinka, ka jera bika shida kowacce lita ɗaya, ka sa alam daban-daban a cikinsu, a juya da sauri na ɗan lokaci sannan a rage gudu, sannan a kashe a zuba ido. Ka ce in sunkuyo in kalli yadda dattin yake haɗuwa yana zama gudaji-gudaji yana sauka ƙasa, in faɗa maka wace bika ce ta fi kyau kafin mu auna. Kai ne ka fahimtar da ni cewa yawan alam ba shi ne gyara ba, in ya wuce kima kuɗi ne aka zubar kuma pH zai faɗi, sai an dawo ana neman layim a ɗaga shi ya koma tsakanin 6.5 da 8.5. Kuma kai ka bayyana min dalilin da ya sa ake dagewa kar ruwan da zai fita ya haura 5 NTU a awon gurɓata, ana ma son ya yi ƙasa da haka sosai, saboda ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin laka kulorin ya kasa kai musu. Da na haɗa wannan da yadda amai da gudawa ke yawan ɓarkewa da damina a unguwanninmu sai na gane me ya sa ba ka zama a watan Agusta.

Anti Maryam ta ɓangaren ƙwayoyin cuta, na gode da kika yarda na shiga ɗakinki duk da tsantsenin da kike da shi a kansa, kuma kina da gaskiya. Fitar da muka riƙa yi cikin gari ɗebo samfur tana cikin abubuwan da na fi jin daɗi, a goge bakin famfo a ƙona shi a bar ruwa ya zuba tukuna, a cika kwalba ba tare da an taɓa cikin murfin ba, a sa a kula mai ƙanƙara a dawo da wuri. Sannan washegari bayan awa 24 a zo a buɗe a duba, ana fatan kar a ga komai, don a ruwan sha ko E. coli ɗaya ba a yarda a samu a cikin mililita 100 ba. A wajen fitar nan ne kuma na ga inda bututu ya fashe a cikin kwata, na gane ruwa zai iya barin matatar nan da tsabtarsa ya lalace a hanya, shi ya sa ake son ya isa famfon ƙarshe da sauran kulorin aƙalla 0.2 a jikinsa. Malam Ɗanladi direba, na gode da jira a rana da kuma sauke ni a bakin titinmu duk ranar da muka yi yamma.

Injiniya Auwal da mutanensa na filta da famfuna, ku ba sashenku aka turo ni ba amma ba ku taɓa nuna min haka ba. Kun zagaya da ni tun daga inda ake janyo ruwa har tankin ƙarshe, kun bar ni na tsaya na ga yadda ake wanke filta, a turo iska da ruwa ta ƙasa yashin ya tashi dattin ya fita. Baba Isa na ɗakin kulorin shi kuma tun ranar farko ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce 'yata saurara, iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, in kin ji ƙauri kar ki tsaya leƙe kar ki gangara kwari, ki duba inda iska take tahowa ki nufi can ki hau tudu. Baba na riƙe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Akwai kuma waɗanda sunansu ba ya shiga rahoto amma in babu su lab ɗin ba zai buɗe ba. Inna Laraba da take riga kowa zuwa ta share ta wanke kwalabe ta jera su, ta kuma riƙa ajiye min ƙosai da zafinsa don ta lura ina fitowa ban karya ba. Masu gadi da suke tsayar min da adaidaita in magariba ta kusa. Malama Hauwa ta ofis da ta bi min takardun ITF, hukumar da ke kula da SIWES, har aka buga hatimi ba tare da na yi ta sintiri ba. Allah ya biya ku, ya rufa muku asiri duniya da lahira.

'Yan uwana ɗalibai da muka yi zaman nan tare, Zainab da Musa da Grace, na gode da zumunci, mu riƙe lambobin juna don Allah. Waɗanda za su zo bayanmu kuma ina roƙon sashe ya yi musu irin abin da aka yi mana, in da hali ma a riƙa barin ɗalibi ya yi ko sati ɗaya ne tare da masu filta tun a farkon zuwansa, don ni sai da na ga inda samfur yake fitowa sannan lambobin lab suka fara yi min ma'ana.

Zama da mutane wata shida ba a rasa saɓani, duk wanda na ɓata wa ko da ban sani ba don Allah ya yafe min, ni dai babu wanda ya yi min komai sai alheri.

Hajiya na yanke shawara furojet ɗina na ƙarshe a kan ragowar kulorin a famfunan unguwanni zan yi shi, na riga na yi wa malamina maganar kuma ya nuna sha'awa. In kin ba ni izini zan riƙa leƙowa da abin da na rubuta ki duba min da jan biron nan naki, kuma in an amince da taken zan kawo takarda daga makaranta a hukumance kan maganar amfani da lab. Rahotona na SIWES zan ajiye kwafi ɗaya a teburinki ranar Alhamis, makullin loka da farar riga kuma zan damƙa wa Malama Hauwa ranar Juma'a kafin a tafi masallaci.

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara girma, ya raya muku zuri'a, ya sa 'ya'yanku su samu masu riƙe su yadda kuka riƙe ni. A gaida mutanen gida.

Taku,
Rukayya
Ɗalibar SIWES, sashen kimiyyar sinadarai