Yadda ake gyara jan ido da ƙyallin goshi a hoton da aka ɗauka da filas

Wannan bayani na rubuta shi ne domin yaran da ke koyon aiki a shagonmu a Gombe, da duk wanda hotunan dina ko na walimar dare suka taru masa a kwamfuta. Abu biyu ne suka fi ɓata irin waɗannan hotuna: ido ya fito ja, goshi kuma ya yi ta ƙyalli da maiƙo. Dukkansu suna gyaruwa. Amma abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, aikinmu ragewa ne, domin mai hoto so yake ya ga kansa kamar yadda danginsa suka san shi.

Sanin dalilin matsala yana sauƙaƙa gyaranta. A wuri mai duhu, ɗan baƙin da ke tsakiyar ido yana buɗewa sosai don ya karɓi haske. Filas kuwa walƙiyarsa ta fi saurin rufewar idon, sai hasken ya shige har can bayan ido inda jijiyoyin jini suke da yawa, ya dawo da launin jinin cikin kyamara. Wannan na faruwa ne idan filas yana dab da gilashin kyamara, kamar ɗan ƙaramin da ke ɗagowa a saman kyamara ko na waya. Kuma idan ka tsaya nesa ka zuƙo mutum, abin ya fi muni, domin hanyar da hasken ya tafi da wadda ya dawo sun kusa zama ɗaya. A idon baƙar fata jan bai cika fitowa jajir ba, sau da yawa ja ne mai duhu, shi ya sa wasu ba sa lura sai an wanke hoton a babbar takarda. Yara kuwa ya fi kama su.

Kafin ka taɓa komai, ka danna `Ctrl+J` a Photoshop don ka yi aiki a kan kwafin hoton, asalin ya zauna a ƙasa. Sannan ka zuƙo idon zuwa 200% ko 300%.

Hanya mafi sauri ita ce `Red Eye Tool`, tana ɓoye ƙarƙashin `Spot Healing Brush`. Ka riƙa danna `Shift+J` har ta bayyana. A sama za ka ga `Pupil Size` da `Darken Amount`, kowanne a kan 50%. Ka ja ɗan akwati ya zagaye jan, ka saki. Idan baƙin ya malala ya ci launin ƙwayar idon da ke kewaye, ka koma baya da `Ctrl+Z`, ka rage `Pupil Size`, ka sake. Idan tsakiyar ta fito toka-toka, ka ƙara `Darken Amount`. A Lightroom Classic sunanta `Red Eye Correction`, a GIMP kuma tana `Filters > Enhance > Red Eye Removal`, sai dai a can dole ka fara zagaye idon kaɗai, in ba haka ba har jan-bakin amarya da jan mayafinta za ta baƙanta.

Wannan hanya tana kasawa a kan jan nan mai duhu da na ambata, domin manhajar ba ta gane shi sosai. A nan ne nake komawa aikin hannu, kuma a gaskiya shi na fi yarda da shi. Ka buɗe `Channel Mixer` a matsayin `Adjustment Layer`, ka zaɓi `Monochrome`, ka sa waɗannan:

```
Red:   0
Green: 50
Blue:  50
```

Hoton gaba ɗaya zai koma baƙi da fari, kada ka tsorata. Ka danna farin akwatin da ke gefen leyar, ka danna `Ctrl+I` ya koma baƙi, launi zai dawo. Yanzu ka ɗauki buroshi fari, girmansa daidai da jan, gefensa da ɗan laushi, ka taɓa tsakiyar idon. Hikimar ita ce, ɓarnar tana cikin sashen ja ne kawai. Sashen kore da na shuɗi suna riƙe da idon da duhunsa na asali, sai mu ɗauko daga gare su. Ta haka ɗigon farin nan da filas ke bari a ido ba ya ɓacewa. Wannan ɗigo shi ne ran idon. Na ga hotuna da yawa da aka ɗauki baƙin buroshi aka dangwala a kai, idon ya mutu, mutum ya zama kamar ba ya kallon kowa. Kada ku yi haka. Kuma ku gyara idanun biyu da ma'auni ɗaya, sannan ku janye zuwa 100% ku kalli fuskar gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ya fi gyaran hoto muhimmanci. Idan kuka ga idon yaro ɗaya ya fito fari ko rawaya-rawaya a hoto, musamman idan ya maimaitu a hotuna daban-daban, kada ku goge ku yi shiru. Wani lokaci kusurwar ɗauka ce kawai, amma yana iya zama alamar yanar ido ko sankarar ido ta yara, wadda ake samun nasarar maganinta idan an gano da wuri. Ku ajiye hoton na asali, ku kira mahaifin gefe cikin ladabi ku ce, “Alhaji, na ga wani abu a idon yaron nan, don Allah a kai shi likitan ido ya duba.” Asibitin Koyarwa na Tarayya yana nan cikin Gombe, na Bauchi kuma suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

Sai goshi, wanda ya fi ido cin lokaci. Fata mai maiƙo ko gumi tana mayar da haske kai tsaye, kuma goshi, karan hanci da saman kumatu su ne suka fi fuskantar filas. A zafin Maris da Afrilu gumi ne, a lokacin hunturu kuma basilin da man shafawa ne, don haka babu watan da muke hutawa. A baƙar fata ƙyallin ya fi fitowa fili saboda tazarar da ke tsakanin farinsa da launin fatar.

Da farko ka gane irin ɓarnar. Danna `F8` ka buɗe `Info`, ka ɗora manuni a tsakiyar ƙyallin. Idan lambobin `R`, `G`, `B` duk sun kai 255, wurin ya ƙone, babu sauran fata a ciki, sai dai a aro daga wani wuri. Idan ba su kai ba, akwai abin cetowa. Wanda ya ɗauka da RAW ya fara da jan `Highlights` ƙasa a Camera Raw ko Lightroom, amma da buroshi a kan goshin kaɗai. In ka ja na hoton duka, farar shaddar ango za ta dushe.

Ga hanyar da muke bi kullum. Ka buɗe sabuwar leya wadda babu komai a cikinta, ka sauya `Blend Mode` daga `Normal` zuwa `Darken`. Ka ɗauki `Eyedropper`, ka sa `Sample Size` a `11 by 11 Average` domin ya haɗa launin wurin, kada ya ɗauko ɗigo ɗaya. Ka koma buroshi, `Hardness` 0%, `Opacity` tsakanin 10% da 15%. Ka riƙe `Alt` ka ɗebo launi daga fatar da ke dab da ƙyallin, wadda take da haske amma ba ta ƙyalli. Kada ka ɗebo daga inuwar gefen fuska ko ƙarƙashin hula, zai bar tabo. Sai ka riƙa shafawa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, kana sake ɗebo launi duk inda ka matsa, domin goshi ɗaya ba launi ɗaya ba ne. Amfanin `Darken` shi ne, ba ya taɓa komai sai abin da ya fi launin da ka ɗebo haske, don haka gira da gashi suna nan lafiya.

Wurin da masu koyo ke faɗuwa shi ne sanin inda za a tsaya. Goshi abu ne mai lanƙwasa, kuma hasken da ke kansa ne ke nuna wa ido lanƙwasar. Idan ka kashe hasken duka, goshin zai baje kamar bangon da aka yaɓe da siminti. Saboda haka bayan ka gama, ka rage `Opacity` na leyar zuwa wajen 60% ko 70%, ɗan sheƙi ya dawo. Ka kashe leyar ka kunna sau da yawa kana kallo daga nesa. Idan bambancin ya yi tsalle ya buge ka, ka wuce gona da iri.

Inda wurin ya ƙone, fenti kaɗai zai bar shi sumul, babu ƙofofin gumi, kuma ido yana kama wannan nan take. A nan sai `Healing Brush` a wata sabuwar leya, `Sample` a `Current & Below`, ka aro fata daga ɗaya ɓangaren goshin. Kada ka aro daga kumatu, yanayin fatarsu daban. In har yanzu ya yi santsi, ka sa wa leyar fentin `Filter > Noise > Add Noise` na 1% zuwa 2%, ka zaɓi `Gaussian` da `Monochromatic`.

Ku kula da abin da yake na mutum ne. Tabon salla a goshin dattijo, tsagar gado a fuska, tawadar Allah, duk ba ƙyalli ba ne, kuma ba a taɓa su sai mai hoto ya nema da bakinsa. Haka launin fata: an kawo mana gyaran maiƙo ne, kada amarya ta karɓi hoto goshinta ya fi wuyanta da hannunta mai lalle haske. Hoton fasfo da na takardun hukuma kuwa, gara a goge fuska a sake ɗauka da a yi ta gyara.

Mai aiki da waya zai iya rage ƙyalli da `Selective` a Snapseed: ya sa ɗigo a goshin, ya matse da'irar ta tsaya a kan ƙyallin, ya rage `Brightness` kaɗan. `Healing` na wayar yana yawan kwaso gira ko bakin ɗankwali ya liƙa a goshi, sai an zuƙo sosai.

Duk wannan aiki yana raguwa idan an kula tun a wurin ɗauka. Ka riƙa yawo da tishu, ka miƙa wa mutum ya danna a goshi da hanci, dannawa kawai, ban da gogewa, don kada kwalliya ta ɓaci. Amarya kuwa, ka ce wa ƙawarta, “Anti, a ɗan taɓa mata hoda a goshi kafin mu fara.” A ɗakin taro mai farin silin, ka juya kan filas sama, hasken ya bugi silin ya sauko da laushi; wannan kaɗai yana kawar da jan ido ya kuma rage ƙyalli. Silin mai launi zai rina fuska, a ƙarƙashin rumfa ko a fili kuma babu abin da zai mayar da hasken, sai ka cire filas daga kan kyamara, yaro ya riƙe shi a gefe, sama da kai kaɗan, da farar lema a gabansa. Idan ƙaramin filas na kyamara kaɗai gare ka, ka kunna `Red-eye reduction`, ka matso kusa da mutum, ka roƙi a kunna duk fitilun wurin. Ka kuma gaya wa mutane cewa walƙiyar farko ba ita ce hoton ba, su tsaya har ta ƙarshe.