Taƙaitaccen Rahoton Tsarin Shimfiɗar Hanyar Kasuwar Hatsi, Yankin Samaru, Zariya

Zuwa ga Daraktan Ayyuka, daga injiniyan da ya jagoranci tsara hanyar.

Ranka ya daɗe, wannan taƙaitawa ce ta cikakken rahoton da muka miƙa a kan hanyar da ta balle daga titin Zariya zuwa Funtuwa ta shiga kasuwar hatsi. Tsawonta kilomita 3.2, faɗin kwalta mita 7.3, da kafaɗa mita 1.5 a kowane gefe. Nauyin da zai bi hanyar iri ɗaya ne tun daga farkonta har ƙarshenta, amma ƙasar da za ta ɗauki nauyin ba iri ɗaya ba ce. Akwai mita 700 na fadama kusa da ƙarshenta, kuma a nan ne hanyar za ta rayu ko ta mutu. Shi ya sa muka ba da kauri biyu maimakon ɗaya, milimita 500 a kan tudu da milimita 725 a fadama.

Mun bi tsarin Overseas Road Note 31 na TRL, cibiyar binciken sufuri ta Birtaniya, bugun 1993, wanda aka rubuta domin hanyoyin kwalta a ƙasashe masu zafi, muka tsara hanyar ta yi shekara 15 daga buɗe ta a 2026.

Nauyin motoci

An yi ƙidaya sau biyu, mako guda dare da rana a watan Agusta 2024, da wani makon a Disamba lokacin da kaka ta shigo kasuwa ta cika. Da Disamba kaɗai muka ɗauka da mun zuzuta adadin, da Agusta kaɗai kuma da mun raina shi, don haka muka haɗa su gwargwadon watannin da kowane yanayi ke ɗauka a shekara, sannan muka kai adadin zuwa shekarar buɗe hanya. Babura, keke mai ƙafa uku da ƙananan motoci su ne mafi yawa, sai dai ba su shiga lissafin kauri ba, domin ba sa yi wa shimfiɗa lahanin da za a iya aunawa.

Abin da ke cin hanya shi ne nauyin da kowane aksil ke saukewa a kanta. Ma'aunin da ake kwatanta komai da shi aksil ne mai kilo 8,160, ana rubuta shi ESA, kuma ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin:

```
EF = (L / 8160)^4.5
N  = 365 × A × ((1 + r)^n − 1) / r
```

A nan EF ɓarnar aksil ɗaya ce da ma'aunin ESA, L nauyin aksil da kilo, N jimillar ESA ta duk shekarun, A jimillar ESA ta rana, r ƙaruwar motoci a shekara, wato 0.04 idan kashi 4 cikin 100 ne, n kuma yawan shekaru. Aksil mai tan 13 yana ɓarnar aksil 8 na ma'auni. Wanda nauyinsa ya ninka na ma'auni ya kai tan 16.3 yana ɓarnar fiye da 22. Wannan ne dalilin da ya sa muka ɗora motocin a kan sikeli a bakin kasuwa maimakon mu ɗauki nauyin da ke rubuce a takardunsu. Hannun da ke fita daga kasuwa, inda motoci ke ɗauke da buhunan masara, dawa da waken suya, shi ya fi nauyi, da shi muka yi aiki.

A wannan hannu, motocin Kanta da manyan bas 210 ne a rana, kowace ESA 0.3, jimilla 63. Manyan motoci masu aksil biyu 95, kowace 2.4, jimilla 228. Tifa da sauran masu aksil uku 40, kowace 4.1, jimilla 164. Tirela da tanka 28 kacal, amma kowace 6.5, jimilla 182. Duka ya kama ESA 637 a rana. Da ƙaruwar kashi 4 cikin 100 a shekara, shekara 15 za ta tara miliyan 4.66, wato aji T5, wanda ya kama daga miliyan 3 zuwa 6.

Mun gwada ko wannan aji zai girgiza. Idan ƙaruwar ta kai kashi 6, jimillar za ta zama miliyan 5.41, har yanzu T5. Abin da ya fi damuna tirela ne. In adadinsu ya ninka daga 28 zuwa 56 a rana, lissafin zai kai miliyan 5.99, bakin aji na gaba ke nan. Kuma sabuwar hanya mai kyau a bakin kasuwar hatsi tana kiran tirelolin da a yau ke tsayawa a babban titi suna jiran ƙananan motoci su kawo musu kaya. Wannan ya shiga cikin kaurin da muka zaɓa.

Ƙarfin ƙasa

An haƙa rami a kowace mita 200, rami 17, aka ƙara uku a fadama da muka ga ƙasar ta canza launi daga ja zuwa toka-toka. An danne samfurin kowane rami a ɗakin gwaji, aka jiƙa shi kwana huɗu cikin ruwa kafin a auna CBR, wato ma'aunin ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi. Ba mu yi sassauci a jiƙon nan ba. Ruwan Zariya, kimanin milimita 1,000 a shekara, yana sauka ne cikin watanni kaɗan tsakanin Mayu da Oktoba, kuma ƙasar da katafila ke fama da ita a Maris tana iya zama taɓo a Agusta.

Daga kilomita 0+000 zuwa 2+200, wato mita 2,200 na farko, jar ƙasa ce mai tsakuwa. Ramuka 12 sun ba da CBR daga 9 zuwa 21. Ba matsakaici muka ɗauka ba, domin hanya ba a matsakaicin wuri take fashewa ba, a wuri mafi rauni take farawa. Mun ɗauki adadin da kashi 90 cikin 100 na sakamakon ya kai ko ya wuce, ya kama 10, wato aji S4.

Daga 2+200 zuwa 2+900 yumɓu ne na fadama. Ramuka shida sun ba da 3, 3, 4, 4, 5 da 6, kuma ma'aunin danƙo, PI, ya kai 24, alhali a tudu tsakanin 11 ne da 14. Adadin tsari a nan 3 ne, aji S2. Abin da ya fi alkaluman nan muhimmanci shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa: a Agusta mun same shi a zurfin mita 0.6 kawai. Yumɓu yana zuƙo ruwa zuwa sama, don haka duk abin da aka shimfiɗa kai tsaye a kansa zai kwana a jiƙe duk damina ko da ba a ga ruwa a kan kwalta ba. Masu lambun da ke gefen sun nuna mana iyakar inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya yi yawa, alamar kuma ta yi daidai da abin da ramukan suka nuna.

Mita 300 na ƙarshe ƙasa ce mai ƙarfi, CBR 16 da 19. Rami biyu bai isa a rage kauri a kansa ba, ga shi kuma nan ne motoci ke tsayawa da lodi, saboda haka mun bar ta a S4.

Kaurin da aka zaɓa

Mun fara daga jadawalin T5 na shimfiɗar dutse mai kwalta a sama, muka daidaita shi da abin da muka gani a fili.

| Shimfiɗa | Tudu, S4 | Fadama, S2 |
|---|---|---|
| Kwalta | 50 | 50 |
| Fasasshen dutse | 200 | 200 |
| Jar tsakuwa | 250 | 275 |
| Zaɓaɓɓen ciko | babu | 200 |
| Jimilla, milimita | 500 | 725 |

Shimfiɗa biyu na sama ba su canza ba domin nauyin mota ne ke yanke kaurinsu. Biyu na ƙasa su suka canza domin aikinsu shi ne baza nauyin kafin ya isa ƙasar asali, kuma ƙasa mai CBR 3 tana bukatar nauyin ya bazu sosai kafin ya taɓa ta. Milimita 200 na dutse ya ɗan ɗara abin da miliyan 4.66 ke bukata. Da gangan muka yi haka saboda tirelolin da aka ambata, domin ƙara kwalta a sama bayan shekaru abu ne mai sauƙi, amma ƙara dutse sai an tone hanya.

An tambaye mu a zaman da ya gabata ko a ƙara kwaltar zuwa milimita 100 a ko'ina a huta. Ba mu goyi bayan haka ba. Kwalta ita ce mafi tsada a cikin shimfiɗun, kuma idan yumɓun fadama ya nutse za ta bi shi ta tsage komai kaurinta. Haka nan ba mu ga dalilin shimfiɗa kaurin fadama a duk hanyar ba: ƙarin milimita 225 a kan kilomita 2.5 mai faɗin mita 10.3 ya kai kimanin mita kubik 5,800 na kayan da za a haƙo, a ɗauko, a danne, ba tare da hanyar ta ƙara kwana ɗaya ba.

Jar tsakuwar da muka gwada a ramin ɗibar ƙasa mafi kusa ta ba da CBR 34 zuwa 48 bayan jiƙo. Ta wuce 30 da ake bukata a shimfiɗa ta uku, amma ta yi nisa da 80 da ake bukata a ƙarƙashin kwalta. An duba yiwuwar gauraya ta da siminti a maimakon sayen dutse. Mun ajiye wannan saboda shimfiɗar siminti tana tsagewa idan ta bushe, tsagar kuma tana hawowa ta cikin kwalta mai milimita 50, sannan tana bukatar kwana bakwai babu mota a kanta, abin da ba zai yiwu a hanyar kasuwa ba. Zaɓaɓɓen cikon fadama kada CBR ɗinsa ya gaza 15.

Sharuɗɗan da kaurin ya dogara a kansu

Alkaluman da ke sama za su yi aiki ne kawai idan ruwa bai zauna a cikin shimfiɗa ba. A fadama za a kankare baƙar ƙasar sama, a ɗaga hanyar yadda saman ciko zai kasance aƙalla mita 1 sama da inda ruwan Agusta ya tsaya. Milimita 200 da ke cikin jadawali shi ne saman wannan ciko, ba dukkansa ba. Kwalbati biyu da ke 2+450 da 2+700 su riga cikon, kuma a yi aikin fadamar gaba ɗaya da rani. Kwalta ta gangara kashi 2.5 cikin 100 zuwa kowane gefe, a rufe kafaɗun da kwalta da tsakuwa domin ruwa ta gefe yake shiga, a kuma gina lambatu na kankare a inda gidaje da shaguna suke. Jar tsakuwa a shimfiɗa ta hawa biyu, kowane hawa rola ta danne shi a gwada kafin a ɗora na gaba.

Abu biyu muke neman amincewarka a kansu kafin a fitar da takardun kwangila. Na farko, kaurin nan biyu da ɗaga hanya a fadama. Na biyu, a ware kuɗin sake ƙidayar motoci da auna nauyinsu a kakar 2028. Idan ESA ta rana ta wuce wadda lissafinmu ya hango wa wannan shekara da kashi 25 cikin 100, a ƙara kwalta milimita 40 zuwa 50 tun kafin tsaga ta bayyana, a fara da mita 300 na bakin kasuwa.