Kalaman Tallan Fitilar Sola Gida-gida: Takardar Wakilai

Wannan takarda ta fitila mai hawa uku ce, wadda ke zuwa da faranti mai wat 3 da gurbin cajin waya. Kada ka haddace ta kamar karatu. Ka riƙe tsarin, ka faɗe shi da bakinka. Kafin ka fita, tabbatar fitilar gwaji cike take da caji, katin shaidarka a wuya, littafin rasit a jaka.

A bakin ƙofa

Yi sallama ka jira a amsa. Kada ka fito da fitila tukuna. Bayan gaisuwa, faɗi sunanka, ka nuna katinka.

"Baba, barka da hutawa. Ni wakilin kamfanin fitilar sola ne, muna zagaya gidajen da wutar lantarki ba ta iso ba. Tambaya ɗaya gare ni, in ba za ku damu ba: idan dare ya yi, da me ake ganin haske a gidan nan?"

Idan an ce maigida ba ya nan, tambayi lokacin da ake samunsa, ka rubuta, ka tafi. Kada ka matsa wa wanda ba shi ke da ikon kuɗin gidan ba, don irin wannan cinikin washegari ake dawo da shi.

Lissafi

Nan ne ciniki ke ƙulluwa ko ya warware, saboda haka kada ka yi sauri. Kuskuren sababbin wakilai shi ne su faɗa wa mutum nawa yake kashewa. Ba ka fi shi sanin aljihunsa ba. Kai dai ka yi tambaya, shi ya faɗi adadin da bakinsa.

"Tocilar nan, batirinta kwana nawa yake yi? To kananzir fa, sau nawa ake saye a mako? Wayoyi nawa ne a gidan, kuma ina ake kai su caji?"

Rubuta kowace amsa a takarda, a gabansa. Haɗa kuɗin mako, ka ninka sau 52, yawan makonnin shekara. Miƙa masa takardar.

"Baba, ku duba, ko na yi kuskure? Wannan shi ne abin da haske da caji ke ci a shekara. Shekara ta ƙare, ba abin da ya rage a hannu sai matattun batura da lagwanin da ya ƙone."

Daga nan ka yi shiru. Bar shi ya kalli takardar.

Gwaji

Yanzu ne za ka fito da fitilar, kuma ka sa masa a hannu, shi ya kunna. Da rana tsaka haskenta ba ya burge kowa, don haka ka nemi inuwa mai duhu, ko ka roƙa a shiga da ita ɗaki a gani a dawo.

"Ku danna nan. Wannan hawa na farko ne, na kwana, yana kai awa 30 a caji ɗaya. Ku sake dannawa, wannan na hira da cin abinci ne. Na uku shi ne na karatun yara da ɗinki, yana yin awa 6. Wannan farantin kuma shi ke shan rana. Igiyarsa mita biyar ce, a ɗora shi a kan rufi da safe, fitilar tana cikin ɗaki tana ɗaukar caji."

Sai ka nemi wayarsa ka jona a gurbin USB. Da zarar alamar caji ta fito a fuskar wayar, nuna masa. Yawanci a nan ne sauran mutanen gida ke matsowa.

Idan uwargida na wurin kuma da fitilar kananzir suke amfani, juya gare ta:

"Mama, ku taɓa ta, ba ta zafi. Ko yaro ya ture ta, ba wutar da za ta kama gidan sauro. Ba hayaƙin da zai cika ɗaki yara na barci, ba kuma kwalbar kananzir da ƙaramin yaro zai ɗauka ya sha."

Ga mai son hujja, kana iya cewa tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji amfani da kananzir a cikin gida. Iya nan ka tsaya. Kada ka ce fitila tana maganin tari ko ciwon ido.

Amsoshi

"Ta yi tsada."
"Gaskiya ne, Baba, ta fi tocila kuɗi. Amma mu koma kan takardarku. A lissafin da kuka bayar, wata nawa kuɗin batir da caji za su yi kafin su kai kuɗinta?" Ku raba tare. Idan lissafin ya nuna gidan ba ya kashe abin da zai sa fitilar ta biya kanta da wuri, kada ka murɗe shi. Yi maganar haske da tsaro, ka bar masa zaɓi.

"Na taɓa sayen irinta, wata biyu ta mutu."
Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kada ka musa. "Haka ne, akwai marasa kyau da yawa. Waccan da ta mutu, wa kuka mayar wa? Wannan tana da garantin shekara biyu a rubuce, da lambar fitilar a kan rasit. Idan ta lalace da kanta, a gyara ko a canza muku. Idan ta faɗa ruwa ko wani ya kwance ta, garanti bai rufe wannan ba, gara in faɗa muku tun yanzu."

"Idan hadari ya rufe rana fa?"
"Tana ɗaukar caji, amma kaɗan. Ranar da aka wuni ba rana, a yi amfani da ƙaramin hawa, a ɗan haƙura da cajin waya."

"Za ta ɗauki talabijin ko fanka?"
"A'a. Haske ne da waya kawai. Ƙaramar waya tana cika ta. Babbar waya kuwa za ta taimaka mata, amma ba za ta cika ta ba a caji ɗaya, kuma duk abin da waya ta sha, daga hasken dare aka rage shi."

Maganar biya

"Hanya biyu ce. Ko a biya gaba ɗaya yau, ko a ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa biya duk mako har mako 20. Duk biyan da aka yi, lamba za ta shigo wayarku, ku danna ta a jikin fitilar ta ci gaba da aiki. Idan biya ya tsaya, fitilar za ta kulle har sai an biya. An gama biya, ta zama taku, ba sauran lamba. Kuma ku sani, jimlar kuɗin biya kaɗan-kaɗan ta fi ta biya gaba ɗaya. Wacce ta fi muku sauƙi?"

Nuna jimlar hanyoyin biyu daga takardar farashi, kada ka faɗa da ka. Maganar kullewa dole ce. Wanda fitila ta mutu masa cikin dare ba tare da an gaya masa ba, kafin gari ya waye maƙwabta duka sun ji, kuma ƙofofinsu sun rufe maka.

Idan ya ce zai yi shawara: "Madalla. Wace rana zan dawo, Talata ko Alhamis?" Bar masa takardar lissafin. Idan ya ce a'a, yi godiya ka wuce.

Bayan an saya

Rubuta rasit nan take, ko da kafin alƙalami ne. Taimaka a zaɓi wurin faranti inda inuwar bishiya ba ta faɗawa.

"A bar shi ya wuni a rana kafin a fara amfani sosai. Duk 'yan kwanaki a goge ƙurar farantin da tsumma mai laushi, don ƙura na rage caji. Fitilar kanta kada a bar ta a rana, zafi na kashe batir. Lambar ofis tana bayan rasit. Zan leƙo nan da mako guda in ga yadda take. Cikin maƙwabtanku, wa kuke ganin zai so ya ga irinta?"

Rubuta ranar dawowar a littafinka kafin ka bar ƙofar.